Wasiƙar sanar da ma'aikata zuwan ERP: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi na fitowa ne daga bakin manajoji, jami'an kula da ma'aikata da akantoci da aka ɗora wa rubuta sanarwar. Domin magana ta zauna wuri ɗaya, na ɗauki misalin kamfanin rarraba kayan masarufi mai hedikwata a Kano da sito biyu, ɗaya a Sharaɗa ɗaya a Kaduna. Kamfanin da ranakun duk misali ne, kowa ya sauya su da nasa.

Yaya zan bayyana ERP a wasiƙa ba tare da na rikita mutane ba?

Layi biyu sun isa. ERP manhaja ce guda ɗaya wadda sashen saye, sito, sayarwa, lissafin kuɗi da albashi duk suke rubutu a cikinta, kuma suna kallon bayani ɗaya. Idan mai kula da sito ya karɓi buhu ɗari a Sharaɗa ya shigar, akanta da mai sayarwa za su gani nan take, ba sai an jira takarda ta zagayo ba.

Ku faɗi sunan manhajar kamar yadda za a gan shi a allon kwamfuta, ko Odoo ce, ko SAP S/4HANA, ko ERPNext, ko Microsoft Dynamics 365 Business Central. Ku kuma ambaci abin da take maye wa gurbi da sunansa: Excel ɗin sito, QuickBooks ɗin ofishin akanta, littafin rasit mai kwafi uku. Ma'aikaci zai fi gane sabon abu idan an nuna masa wane tsohon abu ne zai bar hannunsa. Tarihin manhajar da yabon kamfanin da ya ƙera ta ba su da gurbi a nan.

Wa ya kamata ya sa hannu?

Shugaban kamfani ko manajan darakta. Idan sanarwar ta fito daga sashen kwamfuta, mutane za su ɗauka aikin yaran kwamfuta ne, su ci gaba da abin da suka saba. Alhali abin da ake sauyawa shi ne wa ke da ikon amincewa da saye, wa zai fitar da kaya, wa zai ba da bashi, kuma waɗannan ba hurumin sashen kwamfuta ba ne. A ƙasan wasiƙar sai a sa sunan jagoran aikin, domin shi za a riƙa nema da tambayoyin yau da kullum.

Yaushe ake fitar da ita?

Akwai kuskure iri biyu. Wasu suna sanarwa tun ranar da aka sa hannu a kwangila, shekara guda kafin komai ya motsa, sai magana ta yi sanyi, mutane su ce ai an sha faɗa. Wasu kuma sai saura kwana goma, bayan jita-jita ta riga ta cika sito cewa inji zai karɓe aikin mutane.

A ganina wasiƙar gaba ɗaya ta fi dacewa kimanin wata biyu zuwa uku kafin ranar fara aiki, da sharaɗin an riga an tsayar da abu biyu: jadawalin horo, da ranakun da aka zayyana a amsar “Me ya sa rana ɗaya ba ta isa ba?” a ƙasa. Kafin nan, gajeriyar sanarwa ta baki a taron shugabannin sassa ta wadatar, musamman da yake za a fara ganin baƙin fuskoki suna yawo a ofis suna tambayar yadda ake aiki. Shugabannin sassa su ga wasiƙar kwana ɗaya ko biyu kafin kowa. Babu abin da ke zubar da girman shugaban sashe kamar yaransa su tambaye shi ya ce shi ma yanzu yake ji.

Wane dalili za mu rubuta? “Inganta aiki” bai isa ba?

Bai isa ba, domin ba wanda zai iya musa shi, ba kuma wanda zai tuna shi. Dalilin da ke shiga kunne shi ne wanda ma'aikaci ya taɓa shan wahalarsa da kansa. A kamfanin misalinmu, sukari mai kilo 50 yana da suna uku: `SUGAR 50KG` a takardar sito, `Suga 50` a wurin masu sayarwa, `SG-50` a ofishin akanta. Ƙarshen wata sai mutum biyu su kwashe kwanaki suna daidaita alƙaluma uku na kaya ɗaya. Mai sayarwa ya yi wa dila a kasuwar Singa alkawarin buhu 200 domin takardarsa ta nuna akwai, mota ta je sito a tarar an kai su Kaduna tun shekaranjiya. Wannan shi ne dalili, kuma kowa a kamfanin ya san gaskiya ne.

Ku zaɓi irin waɗannan guda biyu ko uku daga cikin gidanku, da alƙaluman da kuka tabbatar: kwana nawa rufe lissafin wata ke ɗauka, sau nawa aka juyo da mota babu kaya. Idan dalilin daga waje ya zo, a faɗe shi yadda yake. Kamfanonin da ke kan tsohuwar SAP ECC, alal misali, suna da dalili tsayayye, tunda SAP ta sanar cewa kulawar da ta saba ba wa wannan manhaja za ta ƙare a ƙarshen 2027. Wani kuma masu binciken kuɗi ne ko banki suka matsa.

Abu ɗaya da za a kiyaye: kada dalilin ya zama zargi. Idan aka rubuta cewa ana kawo manhajar ne don toshe satar da ake yi a sito, an ɓata wa dukan ma'aikatan sito suna a gaban kowa, masu laifi da marasa laifi, kuma su ne mutanen da za a fi buƙata ranar ƙidayar kaya. A ɗora laifin a kan tsarin da ya rarraba bayani wuri uku.

Yaya ake rubuta “abin da zai canza” ga mutanen da aikinsu ya bambanta?

Nan ne wasiƙu da yawa ke faɗuwa, domin suna lissafa sassan manhaja maimakon aikin mutane. Kowane rukuni yana son jimla biyu: abin da yake yi yau, da abin da zai yi daga ranar. Ɗauki sayen kaya. Yau manajan saye yana iya buga waya ya ce a kawo tirela ɗaya ta sukari, takarda ta biyo baya. A sabon tsari sai an fara buɗe takardar oda, wadda za a gani a allo da sunan Purchase Order, mai iko ya amince da ita. Kaya sun iso, mai sito ya ƙirga ya shigar da abin da ya gani da idonsa. Takardar neman biya ta zo daga mai kaya, manhaja ta gwada ukun. A ce an yi odar buhu 600, an sauke 580, mai kaya ya nemi kuɗin 600. Idan an saita manhajar yadda ya kamata, za ta tsayar da biyan har sai an warware buhu 20 ɗin nan. Saboda haka jimlar da ta shafi mai sito ita ce: a shigar da kaya ranar da aka sauke su, da adadin da aka ƙirga, ba adadin da ke takardar direba ba.

Masu sayarwa kuma abin da zai fi taɓa su shi ne iyakar bashi. Dila mai iyakar naira miliyan 5 wanda ake bin sa miliyan 4 da dubu 600, idan ya nemi kayan dubu 800 bashi, oda za ta tsaya, tunda jimillar ta kai miliyan 5 da dubu 400. A da, “Alhaji namu ne, a ba shi” ta isa. Yanzu sai wanda aka ba ikon ɗaga iyakar ya shiga da sunansa ya amince, kuma hakan zai zauna a rubuce. Gara mai sayarwa ya ji wannan a wasiƙa da ya gano shi a gaban Alhaji.

Kada a manta da abin da bai canza ba. Ranar albashi, lokacin aiki, wanda kowa ke ƙarƙashinsa: idan suna nan yadda suke, a rubuta haka a fili, domin shiru a kansu shi ke haifar da raɗe-raɗi.

Yaya ake zaɓar ranar fara aiki?

An fi so ta faɗo a farkon wata, an fi so ma farkon zangon lissafi, domin a rufe tsohon littafi a tsohuwar manhaja, a buɗe sabo da ragowar da aka tabbatar. Idan aka fara a tsakiyar wata, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da za a kai rahotonsa na wannan watan zai rabu gida biyu, sai an haɗa shi da hannu. Ya kuma kamata ranar ta biyo bayan hutun ƙarshen mako, don a sami kwana biyu na ƙidaya da kwashe bayanai.

Sai a dubi kalandar kasuwa. Mai rarraba sukari, shinkafa da man girki bai kamata ya sauya tsari ana saura mako biyu azumi ba, ko a makon Sallah. Mai sayen amfanin gona ya kauce wa kaka, mai taki ya kauce wa farkon damina. Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya zama abin misali a wannan fanni: ya kunna sabon tsarinsa a tsakiyar 1999, daidai lokacin da odar Halloween, bikin da ake yawan sayen alewa dominsa, ke shigowa, aka rikice, ya kasa kai kayan da suka kai kimanin dala miliyan 100 alhali kayan suna nan a ajiye. Tun da azumi da Sallah suna matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, watan da ya dace bara ba lallai ya dace bana ba.

Me ya sa rana ɗaya ba ta isa ba?

Domin ranar fara aiki ita ce ta ƙarshe a jerin ranaku, kuma waɗanda ke gabanta sun fi shafar ma'aikaci. A misalinmu an tsayar da Litinin, 1 ga Nuwamba. Tun daga Litinin, 18 ga Oktoba, an daina ƙirƙirar sabon kaya, sabon dila ko sabon mai kawo kaya a tsohon tsari, saboda an riga an kwashi jerin sunayen ana tsabtace shi. Duk wanda aka ƙara bayan nan ba zai bayyana a sabuwar manhaja ba sai an tuna da shi. Laraba, 27 ga Oktoba, ita ce ranar ƙarshe ta miƙa takardun neman a mayar da kuɗin da aka kashe a tafiya da kuma cike bayanin kuɗin da aka karɓa tun kafin aiki. Juma'a, 29 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma, a rufe shigar da komai a tsohon tsari, ya koma na dubawa kawai.

Asabar da Lahadi, 30 da 31, ƙidayar kaya a sito biyu, ƙofa a rufe, babu shiga babu fita. Wannan ita ce ranar da aka fi mantawa a wasiƙa, kuma ita ce ta fi tsada. Idan tirela ta taso daga Kano ranar Juma'a da daddare ta isa Kaduna ana tsakiyar ƙirga, buhunan da ke cikinta za su iya faɗawa tsakani: Kano ta cire su, Kaduna ba ta sa su ba, ko kuma kowa ya ƙirga su. Sabuwar manhaja za ta fara rayuwa da alƙalami na ƙarya, kuma da zarar mai sito ya ga allo ya saɓa wa abin da ke gabansa a makon farko, ya koma littafinsa. Don haka wasiƙa ta faɗi ranar lodin ƙarshe tsakanin sito da sito, masu sayarwa kuma su sanar da diloli tun da wuri su ɗebi kayansu kafin Juma'a.

A rubuta kowace rana da sunanta, kwanan wata da ƙarfe. “Ƙarshen Oktoba” kowa da yadda zai fassara shi.

Idan har yanzu muna shakkar ranar fa? Ko kuma dole ta sa aka ɗage?

A faɗi ranar, a kuma faɗi ranar da za a tabbatar da ita. Misali: shugabanni za su zauna ranar 15 ga Oktoba su duba ko gwaji ya yi kyau, ko an gama horo, ko ragowar kuɗin da aka gwada kwashewa ta daidaita da tsohon littafi, sannan a tabbatar washegari. Wannan ya fi “in sha Allahu nan ba da jimawa ba”. Ba laifi a ce in sha Allahu, amma a haɗa ta da kwanan wata.

Idan an ɗage, wanda ya sa hannu a wasiƙar farko shi zai sa a ta biyu, a rana ɗaya da yanke shawarar, da dalili guda na gaskiya da sabuwar rana. A kuma faɗi makomar sauran ranakun, musamman hanin ƙirƙirar sabbin sunaye: an ɗage shi ne ko yana nan? Ɗagewa sau ɗaya mutane na fahimta. Ta uku kuwa, ko horo aka kira sai an yi da gaske kafin su zo.

Kowa tambayarsa ɗaya: za a rage ma'aikata? Mu taɓa zancen?

Ku taɓa shi, domin ko ba ku rubuta ba shi ake yi a gindin bishiya lokacin cin abinci. Amma ku rubuta abin da za ku iya tsayawa a kai kawai. Idan an yanke cewa ba za a sallami kowa saboda wannan aiki ba, a faɗa da jimla ɗaya ba tare da kwana-kwana ba. Idan akwai ayyukan da za su ragu, kamar na masu sake shigar da takardun sito a ofishin akanta, a yi magana da waɗannan mutane ido da ido kafin wasiƙa ta fita, sannan wasiƙar ta ce wasu ayyuka za su sauya kuma an tattauna da waɗanda abin ya shafa. Inda akwai ƙungiyar ƙwadago, wakilanta su ji tun kafin a buga takarda. Alkawarin “babu wanda zai rasa aikinsa” da aka karya bayan wata shida yana cinye amincin duk wata sanarwa da za ta biyo baya.

Albashi da bayanan sirri na ma'aikata fa?

Idan albashi na cikin abin da ke komawa sabuwar manhaja, a ce wane wata ne na farko, a kuma nemi kowa ya duba lambar asusun banki, lambar fansho da rubutun sunansa kafin wata rana takamaimai. Masu hankali suna lissafa albashin wata ɗaya ko biyu a tsarin biyu a gwada. Inda bambanci ya fi ɓuya shi ne a cire-cire, irin kashi 8 cikin ɗari na fansho da ake cirewa daga ma'aikaci da kashi 10 da kamfani ke zubawa a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014. Idan albashi bai shiga wannan zagaye ba, jimla ɗaya ta wadatar, kamar yadda aka ce a amsar “abin da zai canza”.

Layi ɗaya kuma kan wa ke iya ganin me. Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma ma'aikaci na da haƙƙin sanin cewa albashinsa ba a buɗe yake ga duk mai shiga manhajar ba. Nan ne wurin gargaɗi kan kalmar sirri: kowa da tasa, duk abin da aka shigar da sunanka kai za a tambaya. Al'adar “ba ni taka in shiga, tawa ta ƙi” sai an kashe ta tun daga wasiƙa.

Idan wuta ko intanet ta ɗauke ranar da ake lodi?

Mai sito zai yi wannan tambaya kafin ya gama karanta sakin layi na farko, kuma yana da gaskiya. Amsar ta kasance a shirye: akwai takardar wucin gadi mai lamba a jere, manajan sito ne kaɗai ke riƙe da ita, ana cike ta idan tsarin ya tsaya fiye da lokacin da aka ƙayyade, kuma a shigar da ita a manhaja a ranar da sabis ya dawo. Lambar jeren ita ce ke hana takardar wucin gadi zama tsohon littafi da ya dawo ta bayan gida.

Imel ya isa?

Ga ma'aikatan ofis, e. Direbobi, masu lodi da masu gadi da yawa ba su da imel ɗin kamfani, alhali mai gadin ƙofa ne zai fara hana mota fita idan babu sabuwar takardar fitar da kaya. A buga wasiƙar da Hausa da Turanci, a liƙa a allon sanarwa, shugaban sashe ya karanta ta a taron safe, a aika muryarta a zauren WhatsApp na ma'aikata. A fassarar Hausa a bar sunayen da ke kan allo yadda suke, domin wanda aka koya wa wata kalma daban zai zauna gaban kwamfuta yana neman abin da babu.

Za a iya nuna mana yadda jikin wasiƙar zai kasance?

“Zuwa ga dukan ma'aikata. Assalamu alaikum. Daga ranar Litinin, 1 ga Nuwamba, saye, sito, sayarwa da lissafin kuɗi za su koma manhaja ɗaya mai suna Odoo. Kun san yadda muke kwashe kwanaki kowane ƙarshen wata muna daidaita takardun sito da na akanta, kun kuma san sau nawa mota ta je ɗaukar kayan da babu. Wannan ne muke son kawo ƙarshensa. Ranar albashi da lokutan aiki ba su canza ba, kuma ba za a sallami kowa saboda wannan sauyi ba.

“Daga wannan rana, ba za a sayi kaya ba sai da Purchase Order da aka amince da ita, ba za a fitar da kaya ba sai da takardar da manhajar ta buga, littafin rasit na hannu kuma ya daina aiki. Za a rufe tsohon tsari ranar Juma'a, 29 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma. Sito biyu za su kasance a rufe ranakun 30 da 31 domin ƙidaya. Sauran ranakun da jadawalin horon kowane sashe suna haɗe da wannan takarda. A makonnin farko aiki zai riƙa jinkiri fiye da yadda aka saba, mun san da haka, kuma ba za a hukunta kowa kan kuskuren koyo ba matuƙar ya kawo rahotonsa. A kowane sashe akwai mutum ɗaya da aka horar don taimaka muku, sunansa na kan allon sanarwa.”

Shafi ɗaya ke nan. Jimlar da ta shafi sallama kuwa, a sa ta ne kawai idan gaskiya ce, kamar yadda aka yi bayani a sama.

Ta yaya za mu gane ko wasiƙar ta shiga?

Bayan kwana uku, ku tsayar da mutum biyar daga sassa dabam-dabam, har da direba da mai gadi, ku tambaye su abu biyu: yaushe za a rufe sito, kuma me za su daina yi daga ranar 1 ga Nuwamba. Idan amsoshin sun bambanta, akwai gyara. Shiru ma alama ce. Wasiƙar da aka fahimta tana jawo tambayoyi masu ƙaiƙayi, irin “odar da na buɗe a tsohon tsari amma ba a kawo kayan ba, ina za ta?” Amsar wannan, a mafi yawan lokuta, ita ce za a kwashe ragowar da ba a kawo ba zuwa sabuwar manhaja da sabuwar lamba, saboda haka sashen saye ya rufe duk tsofaffin odar da suka mutu kafin 29 ga Oktoba, kada a kwashe su tare da masu rai.